Shanu 600 a wayar Android: ta ina ake fara gasa motsi cikin tekistur?

Mamman_Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina haɗa wasan waya da Unity, wasan kiwo ne: garke yana tasowa daga daji zuwa rijiya, mai wasa yana kora shi. So nake shanu 600 su fito a allo lokaci guda. Saniyar da na ƙera a Blender irin jajayen nan ce na Bararo masu dogon ƙaho, ɗigonta 1500, ƙashi 30, motsinta iri huɗu: tafiya firem 32, kiwo 48, tsayuwa 24, gudu 16. Kowace tana da nata `Animator` da `SkinnedMeshRenderer`. Da sun kai 80 sai waya ta fara ja da ƙyar, `Profiler` kuma yana nuna CPU ne ya cika. Na ji ana cewa a gasa motsin cikin tekistur a bar wa GPU aikin. Yaya ake yi, kuma zai kai ni 600 ɗin?

Abdu_Sabongari:
Wa alaikumus salam. Ai wannan tsohuwar dabara ce. Ka ɗauki hoton saniyar ta kusurwa takwas, firem bayan firem, ka jera su a babban hoto guda, ka liƙa a kan fili mai kallon kamara. Ko shanu dubu biyar waya za ta ɗauka.

Injiniya_Zango:
Malam Abdu, abin da ka kawo dabara ce ta daban, tana da amfani ga shanun da ke can nesa. Abin da Mamman yake tambaya, saniyar tana nan da jikinta sosai, ƙasusuwan kawai ake cirewa.

Mamman, ga yadda abin yake. A yanzu, kowane firem CPU yana lissafa inda ƙashi 30 na kowace saniya suke, sannan a lanƙwasa ragar jikinta a kansu, sannan a aika ta zane ita kaɗai, domin kowace ragarta ta zama daban da ta ƴar uwarta. To amma tafiyar saniya ba ta sauyawa, yau da gobe firem 32 ɗin nan ne. Don haka sai a yi lissafin sau ɗaya tun a wurin aiki, a rubuta sakamakon a tekistur. Kowane ɗigo na jikin saniyar yana da ginshiƙinsa guda daga sama zuwa ƙasa, kowane firem kuma yana da layinsa guda a kwance. Fikisel ɗin da ke mahaɗar ginshiƙi na 700 da layi na 12 ba launi yake ɗauke da shi ba, ja da kore da shuɗinsa su ne x da y da z: nisan da ɗigo na 700 ya gusa daga mazauninsa a firem na 12.

Lokacin wasa saniyar ta zama raga maras ƙashi, kamar dutse ko bishiya. Shadar na ɗigo ne yake duba agogo, ya san layin da ake ciki, ya karanta fikisel ɗinsa, ya gusar da ɗigon. Tunda raga guda ce da kayan shafi guda, ana iya zana duka garken a kiran zane ƙalilan da `GPU Instancing`.

Mamman_Birni:
Na gane, Injiniya. Ke nan faɗin tekistur ɗina 1500, tsawonsa 120?

Hadiza_Ɗigo:
Tsawon daidai ne, 32 da 48 da 24 da 16 sun ba da 120. Faɗin ne za ka sake dubawa. 1500 ɗin Blender ne ya faɗa maka, Unity ba zai faɗi haka ba. Duk inda aka yanka ɗinkin UV, ko inda gefe yake da kaifi kamar gindin ƙaho da bakin kofato, injin wasa yana raba ɗigo guda gida biyu ko uku, domin ɗigo ɗaya ba ya riƙe mazauni biyu a UV guda ko nomal biyu. Danna ragar a Unity ka karanta adadin da ke ƙasan `Inspector`.

Mamman_Birni:
1820 ya nuna, Hajiya.

Hadiza_Ɗigo:
To da shi za ka yi aiki. Ɗauki tekistur 2048 a 128, ya ishe ka har da saura. A `RGBAHalf` kowane fikisel bayit 8 ne, 2048 sau 128 sau 8 ya ba da mega 2 cif. Tekistur na nomal a `RGBA32`, bayit 4, mega 1. Mega 3 ke nan, kuma ko shanun 6 ne ko 600 kuɗin bai ƙaru ba, duk daga akushi ɗaya suke ci.

Shawarata ka yi gashin a cikin Unity, kada ka yi a Blender. Dalili biyu ne. Na farko jerin ɗigo: in ka gasa a Blender, lambar da ɗigo yake da ita can ba ita zai riƙe bayan an shigo da shi ba, ga rabuwar da na faɗa, ga `Optimize Mesh` da ke sake jera su. Ana iya magance wannan ta rubuta lambar kowane ɗigo a UV na biyu kafin fitarwa, haka kayan Houdini na SideFX Labs suke yi. Na biyu kuma alƙibla: a Blender Z ce sama, a Unity Y ce sama, hannun ma ba ɗaya ba ne. In ka manta musanya su, saniya za ta ɗaga ƙafa gaba maimakon sama. Gashi a cikin injin yana raba ka da duka biyun.

Injiniya_Zango:
Ga zuciyar rubutun gashin, sauran duk kewaye ne:

```csharp
for (int f = 0; f < n; f++) {
    clip.SampleAnimation(go, clip.length * f / n);
    smr.BakeMesh(m);
    m.GetVertices(v);
    for (int i = 0; i < v.Count; i++) {
        Vector3 d = v[i] - tushe[i];
        tex.SetPixel(i, fari + f, new Color(d.x, d.y, d.z, 1));
    }
}
```

`n` adadin firem ɗin motsin ne, `fari` kuma layin da motsin yake farawa a tekistur. Ka lura da abu biyu a nan. Ana raba lokacin da `n`, ba da `n - 1` ba. A motsi mai zagayowa firem na ƙarshe da na farko abu ɗaya ne, in ka gasa su duka biyun saniyar za ta riƙa ɗan tsayawa a ƙarshen kowane zagaye, kamar mai ɗingishi. Sannan `tushe` ɗin, kada ka ɗauko shi daga `sharedMesh`. Ka gasa firem na farko na tsayuwa da `BakeMesh` ɗin nan, ka ajiye wannan ragar a matsayin wadda za a zana, ita ce kuma tushen da ake cirewa. Haka ragar da tekistur suna cikin ma'auni ɗaya. Fayil ɗin FBX daga Blender yakan zo da juyi na digiri 90 ko ninki 100 a jikinsa, kuma in tushe ya fito daga wani wuri daban, za ka ga saniya ta kumbura ta cika allo ko ta kwanta a gefe.

Tekistur ɗin ka ƙirƙire shi haka: `new Texture2D(2048, 128, TextureFormat.RGBAHalf, false, true)`. Na huɗun yana kashe `mipmap`, na biyar yana cewa lambobi ne tsantsa, kada a yi musu gyaran launi. `filterMode` kuma ya zama `Point`.

Sani_Magariya:
Ni ban ga abin da ya sa za a kashe mega 2 ba. PNG na bit 8 ya isa. A matse lambobin tsakanin 0 da 1, a ajiye mafi ƙanƙanta da mafi girma a kayan shafi, shadar ya buɗe su. Rabin wuri ke nan, kuma kowace waya tana karanta shi. In ma aka bar Unity ya matse shi da ASTC sai ya ƙara raguwa.

Hadiza_Ɗigo:
Malam Sani, rabin farkon maganarka yana aiki a wasu wurare, na biyun kuwa ba ya yi ko kaɗan. Bit 8 mataki 256 ne. Tsinin ƙahon saniyar Mamman, daga tsayuwa zuwa sa baki a ciyawa, zai iya gusawa fiye da mita ɗaya, ƙafafu kuma suna zuwa gaba da baya. Mu ce tazarar duka mita 2 ce. Raba milimita 2000 gida 255, kowane mataki ya kusa milimita 8. A gudu ba mai gani. Amma a tsayuwa, inda ciki yake ɗan tashi yana sauka da numfashi, ɗigo zai yi shiru na wasu firem sannan ya yi tsalle milimita 8, maƙwabcinsa kuma ya yi nasa tsallen a wani firem daban. Fatar sai ta riƙa rawa. A `Half`, lamba tsakanin mita 1 da 2 matakinta kusan milimita 1 ne, kuma yana ƙara ƙanƙancewa in gusawar ƙarama ce. Shi ya sa ake ajiye gusawa daga tushe maimakon ainihin mazaunin ɗigo.

Matsewa kuwa, ASTC da ETC2 suna ɗaukar fikisel a dunƙule, misali huɗu a huɗu, su kusanta launukansu domin ido ba ya lura. A nan fikisel biyu da ke maƙwabtaka wataƙila ɗaya na kunne ne ɗaya na wutsiya. In aka cakuɗa su ragar ta yage.

Sani_Magariya:
Na ASTC na karɓa. Amma bit 8 ban sauka ba. Wa zai ga milimita 8 a saniyar da ke mita talatin daga kamara, a allon waya?

Hadiza_Ɗigo:
Babu. Ga na nesa ka yi gaskiya, har ma zan ce a yi hakan. Na kusa nake magana. Sai dai duk wanda ya bi hanyar PNG ya cire alamar `sRGB (Color Texture)`, in ba haka ba 0.5 da ya rubuta zai dawo masa kusan 0.21 a aikin da ke kan `Linear`, saniya ta karkace gaba ɗaya.

Lawali_Garin_Malam:
Ku gafarce ni in sako nawa. Ni Godot nake amfani da shi, kuma fara nake so, tarin fara irin mai rufe gonar hatsi, kamar 5000. Wannan hanyar ce ni ma zan bi?

Injiniya_Zango:
Lawali, ƙanena, fara ba ta buƙatar gashi. Jikinta sandararre ne, fiffike kawai ke kaɗawa. Ka shafa wa ɗigon fiffike nauyi a launin ɗigo, sifili a gindi, ɗaya a tsini, sannan a shadar ka ɗaga shi da `sin(TIME * sauri + lamba)` sau wannan nauyin. Ka zana su da `MultiMeshInstance3D`, ka kunna `use_custom_data`, lambar kowace fara ta zo ta `INSTANCE_CUSTOM` don kada su kaɗa tare. Gashi na dabbar da motsinta ba ya rubutuwa da lissafi guda ne, mai gwiwa da wuya da doro.

Lawali_Garin_Malam:
Madalla. In ta sauka tana tafiya a kan zangarniya fa?

Injiniya_Zango:
Nan kam sai ka gasa, amma ƙarami ne ƙwarai. Ɗigo 60 da firem 8 bai kai komai ba.

Mamman, mu koma kanka. Ga ɓangaren shadar:

```hlsl
float f  = frac(lokaci) * n;
float f0 = floor(f);
float f1 = fmod(f0 + 1, n);
float3 a = tex2Dlod(_Pos, float4(u, (fari + f0 + 0.5) / 128, 0, 0)).xyz;
float3 b = tex2Dlod(_Pos, float4(u, (fari + f1 + 0.5) / 128, 0, 0)).xyz;
v.vertex.xyz += lerp(a, b, f - f0);
```

`u` yana zuwa daga UV na biyu, `(i + 0.5) / 2048`. Rabin da ake ƙarawa shi ke kai ka tsakiyar fikisel, in babu shi kana kan iyaka tsakanin ɗigo biyu. `tex2Dlod` dole ne, `tex2D` ba ya aiki a shadar na ɗigo domin can babu yadda GPU zai zaɓi matakin tekistur da kansa. Ana karanta layi biyu a haɗa su ne saboda motsin ya yi santsi ko da waya tana zana firem 60 a daƙiƙa. Wannan haɗin yana ba ka damar gasa kiwo da tsayuwa a firem 15 a daƙiƙa maimakon 30, ba wanda zai lura.

Kowace saniya abu kaɗan take buƙata nata na kanta: mazauninta da juyinta, `fari`, `n`, da `lokaci`, wanda ake ƙidayawa da zagayen motsi. Ka aika su ta `MaterialPropertyBlock`, ka zana da `Graphics.DrawMeshInstanced`, wanda iyakarsa 1023 a kira guda. Kada ka ba su `lokaci` iri ɗaya, in ba haka ba garken zai taka ƙafa tare kamar faretin soja.

Rakiya_Tanut:
Abin da ba a taɓo ba shi ne haske. In ka gusar da ɗigo ka bar nomal yadda yake a tsayuwa, saniya za ta sunkuyar da kai amma hasken goshinta yana nan kamar kan yana sama. Tekistur na biyun da Hajiya Hadiza ta lissafa shi ne maganin wannan: `m.GetNormals` a kowane firem, a rubuta `nomal * 0.5 + 0.5`, shadar ya mayar, ya haɗa layi biyu, ya yi `normalize`. Bit 8 ya wadatar a nan. In kana da taswirar nomal a fatar to tanjan ma sai ya juya, aiki ya ƙaru. Ga wasan waya ni zan ce ka bar taswirar gaba ɗaya.

Inuwa ma haka. Zanen inuwa yana da nasa zagaye, `ShadowCaster`, kuma in ba ka sa lissafin gusawar a cikinsa ba, saniya tana tafiya inuwarta tana tsaye ƙiƙam tana zamewa a ƙasa.

Mamman_Birni:
Allah ya saka da alheri. Na haɗa, a kwamfuta shanu 600 suna tafiya lafiya lau. A waya kuma wani abu ya fito. Kai da wuya da ƙafafun gaba daidai suke. Amma daga cinya zuwa wutsiya fatar ta yi tsitstsinke, wasu ɗigo sun fito waje kamar ƙaya, kuma suna motsi tare da tafiyar. Kowace saniya a wuri ɗaya abin yake.

Sani_Magariya:
Matsewa ce. Duba shafin Android na tekistur ɗin, tabbas an sa masa ASTC.

Mamman_Birni:
Na duba, `RGBAHalf` yake, rubutu ne ya ƙirƙire shi, bai bi ta shigo da hoto ba.

Hadiza_Ɗigo:
Da matsewa ce da duk jikin ya lalace, ba rabi ba. Mamman, da wane iri ka bayyana UV na biyu a shadar, `half2` ko `float2`?

Mamman_Birni:
`half2`. Duk UV ɗina haka suke, don sauƙin waya.

Hadiza_Ɗigo:
Ga shi nan. A kwamfuta `half` yana zama `float` cikakke, shi ya sa ba ka ga komai ba. A waya bit 16 ne na gaske. Lamba mai bit 16 tsakanin 0.5 da 1 tana tafiya ne da mataki na 1 bisa 2048, wato faɗin fikisel guda cif a tekistur ɗinka. Tsakiyar fikisel kuwa tana buƙatar rabin wannan matakin, babu inda za a rubuta ta. Sai lambar ta faɗa iyakar hagu ko ta dama. Wadda ta faɗa hagu tana karanta fikisel ɗinta, wadda ta faɗa dama tana karanta na maƙwabci. Ƙasa da 0.5 matakin ya fi ƙanƙanta, tsakiyar tana rubutuwa daidai. Ke nan ɗigo daga 0 zuwa 1023 lafiyarsu ƙalau, daga 1024 zuwa 1819 kusan rabinsu suna ɗaukar gusawar wani. A ragarka na farkon su ne gaba, na ƙarshen su ne baya. Inda maƙwabcin yake kusa a jiki, ƴar rawa kawai za ka gani. Inda jerin ya tsallaka daga cinya zuwa tsinin wutsiya, nan ƙayar take fitowa.

Mayar da shi `float2`. Sannan ka leƙa `Vertex Compression` a `Player Settings`, domin yana iya matse wannan UV ɗin zuwa bit 16 lokacin gina wasan ko da shadar ɗinka daidai yake. Mai karanta tekistur ɗin ma ka bayyana shi `sampler2D_float`.

Injiniya_Zango:
Bayanin Hajiya ya zauna. Akwai kuma hanyar da ke kashe matsalar daga tushe: kada a ajiye kason faɗi, a ajiye lambar ɗigon kanta, 0, 1, 2 har 1819, a karanta da `Load(int3(i, layi, 0))`, wanda a GLSL shi ne `texelFetch`. Bit 16 yana riƙe cikakkun lambobi daidai har 2048, ko an matse ba abin da zai same su. Babu rabin fikisel, babu tacewa. OpenGL ES 3.0 yana da shi, kuma shi ne ya wajabta wa waya karanta tekistur a shadar na ɗigo da ɗaukar faɗin 2048 aƙalla. Tsofaffin wayoyi masu Mali-400 da suka tsaya a ES 2.0 ba sa karanta tekistur a wannan matakin sam, su ba sa cikin lissafi.

Mamman_Birni:
`float2` ya gyara, ƙayar ta ɓace. CPU ya sauka ƙwarai. Sai dai da 600 har yanzu waya ba ta kai firem 30 ba, kuma tana zafi.

Ɗan_Mirriya:
Wannan shi ne abin da nake jira a zo. Gashi yana sauke kaya daga CPU ne, bai rage wa GPU ɗigo ko ɗaya ba, ƙara masa karatun tekistur ma ya yi. Lissafa: 600 sau 1820, ɗigo 1,092,000 a kowane firem, kowanne da karatu huɗu, biyu na gusawa biyu na nomal. Inuwa ta sake bi ta kansu. GPU na waya kuma yana rubuta sakamakon ɗigo a ƙwaƙwalwa kafin ya zana allo yanki-yanki, wannan kai da kawowar ita ke kawo zafin.

Saniyar da tsawonta a allo bai wuce fikisel ashirin ba, me za ta yi da ɗigo 1820? Ka yi raga uku. Mafi kusa 40 su riƙe 1820, na tsakiya 160 su sami 500, sauran 400 su sami 150. Jimla 212,800, kashi ɗaya cikin biyar na da. Na nesa a cire musu haɗa layi biyu da tekistur na nomal da inuwa ta gaske, a sa musu baƙin tabo a ƙasa. Can ne bit 8 na Malam Sani zai yi aiki, can bayansu kuma hotunan Malam Abdu.

Ka kuma sani `DrawMeshInstanced` ba ya tace su ɗaya-ɗaya, a dunƙule yake duba ko ana ganinsu. Wadda ke bayan kamara ma ana lissafa ɗigonta. Kafin ka cika jerin, ka gwada kowace da `GeometryUtility.TestPlanesAABB`, da akwatin da ya fi na tsayuwa girma, don kada ƙaho ya ɓace a gefen allo lokacin da ta miƙa wuya.

Abdu_Sabongari:
To ashe dai ana zuwa wurina daga ƙarshe.

Rakiya_Tanut:
Ana zuwa, Malam Abdu, ga na bayan garke. Amma raga uku na nufin gashi uku, domin kowace da nata jerin ɗigo. In gobe Mamman ya ƙara bijimi da maraƙi da farar saniya, kowanne sau uku. Shi ya sa ni na fi son a gasa ƙasusuwa maimakon ɗigo. Kowane ƙashi fikisel uku ne a firem, layuka uku na matiris ɗinsa. Ƙashi 30, faɗi 90, tsawo 120, ko a bayit 16 bai wuce bayit 172,800 ba. Duk ragar da ke kan wannan ƙwarangwal tana amfani da shi, manya da ƙanana, nomal ma yana juyawa da matiris ɗin ba sai an gasa shi daban ba. `AnimToTexture` na Unreal yana ba da hanyoyin biyu saboda wannan.

Ɗan_Mirriya:
Wuri kin rage, Hajiya Rakiya, amma aiki kin ƙara. Ɗigo mai ƙashi huɗu karatu 12 ne a firem guda, in za a haɗa firem biyu 24. Shi kuma matsalarsa yanzu GPU ce, ba wuri ba. Raga ta 500 tekistur ɗinta 512 a 128, ta 150 kuma 256 a 128, duka biyun ba su kai mega ɗaya ba.

Rakiya_Tanut:
Wa ya ce huɗu? Saniya ƙashi biyu a ɗigo sun ishe ta, na nesa ma ɗaya. Kuma tekistur mai faɗin 90 duk ɗigo suna karanta wuri ɗaya ne, yana zama kusa da GPU, ba kamar mai faɗin 2048 ba da kowace saniya take jan layi daban. Ba a yanke wannan da baki, sai an auna a wayar da za a yi wasan.

Injiniya_Zango:
A kan aunawa na bi bayanki. Akwai wuri guda da ƙashi ya fi ɗigo ko ba a auna ba, kuma saniyar Mamman za ta nuna shi: sauyawa daga wani motsi zuwa wani. In ka haɗa tsayuwa da kiwo da `lerp`, kowane ɗigo yana bin miƙaƙƙen layi daga inda yake zuwa inda za shi, alhali kai juyawa yake yi a kan wuya. In juyin ya kai digiri 90, a tsakiyar hanya nisan tsinin ƙaho daga wuya yana raguwa zuwa kashi 71 cikin ɗari. Za ka ga kan ya motse, ƙaho ya gajarce, sannan ya dawo. Tsakanin firem biyu na motsi guda wannan ba ya damuwa, juyin digiri 12 ragin da yake kawowa kusan rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari.

Maganinsa a hanyar ɗigo shi ne a gasa sauyin kansa: firem 8 na sunkuyar da kai, a kunna shi gaba in za ta ci, a kunna shi baya in za ta ɗago. Mamman yana da layi 8 da suka rage cikin 128. Tafiya zuwa gudu kuwa `lerp` na ɗan gajeren lokaci ya isa, in an daidaita ƙafar da ke gaba a duka biyun.

Rakiya_Tanut:
Haɗa matiris kai tsaye ma yana motse kai, Injiniya. Sai an ajiye juyin ƙashi a kwataniyan sannan a tsira.

Injiniya_Zango:
Haka ne, sai da kwataniyan, kuma hakan ya mayar da ƙashi fikisel biyu maimakon uku.

Isufu_Matamai:
Tambaya daga gefe. Ƙafa fa? A irin waɗannan garken nakan ga dabba tana tafiya kofato yana zamewa a ƙasa.

Hadiza_Ɗigo:
Saboda agogo ne yake tuƙa motsin, wani lissafi daban kuma yake tuƙa jikin. A gasa tafiyar a tsaye wuri ɗaya, a cire gusawar ƙashin tushe, amma a rubuta nisan da zagaye guda yake ci. Mu ce zagayen saniyar Mamman mita 1.6 ne. Firem 32 a 30 cikin daƙiƙa ya ba da mita 1.5 a daƙiƙa. In garken ya cunkushe a bakin rijiya saniya ta koma mita 1 a daƙiƙa, ƙafa tana sauri jiki yana jinkiri. Sai a bar agogo: kowane firem a ƙara wa `lokaci` nisan da ta yi a raba da 1.6. Ta tsaya, ƙafa ta tsaya. A kan tudu ko gangare kuwa kofato zai ɗan nutse ko ya yi sama, domin babu ƙashin da za a lanƙwasa ya taka ƙasa. Iyakar abin da za a yi shi ne a karkata dukan jikin ya bi gangaren.

Mamman_Birni:
Na yi raga ukun da tacewar kamara, yanzu tana riƙe 30. Saura abu guda. Mai wasa yana iya jefa igiya ya kama saniya guda, kanta ya juyo wajensa. Wannan ba zai gasu ba tunda ban san ta ina zai tsaya ba.

Ɗan_Mirriya:
Ajiye shanu uku ko huɗu na gaske masu ƙashi a ɓoye. Wadda aka kama, ka cire ta daga jerin zane, ka sa ta gaske a mazauninta, ka kira `Animator.Play` da sunan motsin da `frac(lokaci)` nata don ƙafa ta ci gaba daga inda take. In an sake ta ka mayar.

Hadiza_Ɗigo:
Sai ka kula kayan shafin biyun su ba da haske iri ɗaya, in ba haka ba za a ga ƙyaftawa lokacin musanyar. `Skin Weights` a `Quality` ma ya zama ɗaya da wanda aka yi gashi da shi: in ka gasa da ƙashi huɗu waya kuma tana kan biyu, kafaɗa za ta ɗan yi tsalle.

Rakiya_Tanut:
Da ƙasusuwa aka gasa, da juya wuyan saniya guda bai buƙaci musanya ba, juyi ɗaya za a ƙara wa ƙashin wuya da na kai a shadar. Mamman, in ka sami sarari ka gwada hanyar ƙashi a kan 40 na kusa kawai, ka bar sauran yadda suke, ka kawo mana milidaƙiƙan GPU na kowanne a wannan wayar.

Mamman_Birni:
Zan gwada, Hajiya, in sha Allahu. Ƙashi biyu a ɗigo zan fara da shi ko huɗu?

Rakiya_Tanut:
Biyu. Ka duba kafaɗa da gindin doro a motsin gudu, in sun karye nan kaɗai za ka sake shafa nauyi.